Yadda Ake Tsara Gajeren Bidiyon Kaya Don Mai Kallo Ya Gane Ko Bai Buɗe Sauti Ba

Masu sayar da kaya ta waya sun sha turo mini tambaya iri ɗaya. Sun ɗauki bidiyo, sun saka a Status, mutum ɗari biyu sun kalla, amma abin da ke biyowa baya bai wuce "nawa?" da "ya girmanta yake?" ba, daga nan kuma shiru. Da na nemi su turo mini bidiyon, sai na ga yawanci duk bayanin yana cikin murya, kayan kuma ba ya fitowa sai an yi nisa. Mai kallo kuwa yana cikin Keke Napep a hanyar Kawo, ko yana ofis, ko dare ya yi yara suna barci a gefensa, ba zai buɗe sauti ba.

Da yake mata ne suka fi yin tambayar, da su zan yi magana, amma maza ma aikin ɗaya ne. Kaya ɗaya za mu bi tun daga farko har ƙarshe: jakar hannu ta mata, wadda za mu ce an saro ta ana sayarwa daga gida a Tudun Wada, kuɗinta ₦18,500. Ki cire jaka ki sa takalmi ko kula ko abaya, matakan ba za su canja ba.

1. Fara da saƙonnin kwastomominki, ki bar kyamara tukuna

Buɗe WhatsApp ki koma kan hirarrakin da kika yi da waɗanda suka tambayi irin wannan kaya a baya, har da waɗanda ba su saya ba. Su ma sun fi amfani. Ki rubuta tambayoyinsu a takarda kamar yadda suka yi su. A kan jaka za ki tarar tambayoyin ba su da yawa, maimaita kansu suke yi: nawa ce, ya girmanta, me za ta iya ci, fata ce ko roba, wasu kaloli ne akwai, a ina kuke, kuna aikawa Zariya ko Abuja.

Yanzu ki ja layi a ƙarƙashin tambaya ɗaya, wadda idan aka amsa ta ciniki ya fi saurin faɗawa. A jakarmu, tambayar girma ce. Mace ta sha sayen jaka a hoto, a kawo mata ta ga ko waya da kyar take shiga, don haka tsoronta yana can. Wannan tambayar ita ce za ta buɗe bidiyon. Sauran ki jera su gwargwadon yadda ake yawan yin su, ki tsaya a biyar ko shida. Abin da ya ragu ya tafi cikin bayanin da ake rubutawa a ƙasan kaya.

Hattara: bidiyo ɗaya, kaya ɗaya. Idan kika zuba jaka kala takwas a kan gado kika bi su da kyamara, mai kallo zai ɗauki hoton fuskar wayarsa ya turo miki yana cewa "wannan ta gefen", ku yi ta kai da kawo. Ki ba kowane kaya lamba gajera. Tamu J14 ce, kuma za ta zauna a kan bidiyon daga farko har ƙarshe.

2. Rubuta tsarin a takarda, daƙiƙa bayan daƙiƙa

Ki raba takarda gida uku: lokaci, abin da ido zai gani, da rubutun da zai fito a kai. Kowace tambaya ɗauka ɗaya ce, kowace ɗauka kuma daƙiƙa uku ko huɗu. Tambaya shida za ta ba ki bidiyon daƙiƙa 18 zuwa 24, kuma ya isa. Ga na J14:

- 0 zuwa 3: jaka a tsaye, a buɗe, ta cika fuskar waya, hannu yana zura ninkakken hijabi da fawa-bank. Rubutu: "Tana cin hijabi da fawa-bank"
- 3 zuwa 6: jaka rataye a kafaɗar mutum, daga wuya zuwa gwiwa. Rubutu: "Faɗi inci 11, tsayi 8"
- 6 zuwa 9: cikin jaka daga sama, yatsa yana buɗe aljihunan. Rubutu: "Aljihu uku, ɗaya mai zif"
- 9 zuwa 12: kusa da zif da ɗinki, a ja zif a mayar. Rubutu: "Ba fatar gaske ba ce"
- 12 zuwa 15: kala ukun a jere. Rubutu: "Baƙa, ruwan ƙasa, ruwan toka"
- 15 zuwa 19: jaka a tsaye, a rufe. Rubutu: "Muna Tudun Wada, Kaduna. Turo J14 ta WhatsApp"

A kusurwar sama kuma, ƙaramin rubutu da ba ya motsi: "J14 · ₦18,500".

Na san wata za ta tsaya a kan layin nan na "ba fatar gaske ba ce" ta ce ai wannan korar kwastoma ne. Ni ina ganin wadda layin zai kora, da ma ita ce za ta dawo da jakar bayan an biya kuɗin mota zuwa Kafanchan, ta kuma faɗa wa ƙawayenta. Gara ta wuce tun yanzu. Awon kuma ki yi shi da tef ɗin tela, kada ki kwafi abin da mai sarin ya faɗa miki, domin sau da yawa nasa awon ya haɗa har da hannun jakar.

3. Daƙiƙa ukun farko

A nan ya kamata ki ɓata rabin lokacinki. Mai kallo yatsansa yana kan waya, a shirye yake ya wuce, kuma abin da yake son sani cikin ƙiftawar ido abu biyu ne: mene ne wannan, kuma ya shafe ni? Facebook kansa yana da ma'aunin da yake ƙirga waɗanda suka kalli bidiyo na daƙiƙa uku, wanda hakan ya nuna miki inda ake yin asarar mutane.

Abu na farko, kayan ya kasance a cikin hoton farko, tun kafin komai ya motsa. Wannan hoton shi ne wanda mutum zai zura wa ido yayin da bidiyon yake ta juyawa saboda raunin sabis, kuma sau da yawa shi manhaja take ɗauka ta mayar fuskar bidiyon a jerin kayanki. Idan hoton farko baƙi ne, ko tambarin shagonki ne yana jujjuyawa, ko hannunki ne yana gyara waya, to abin da za a gani ke nan. Ki cire duk wani salon buɗewa da ke fara da duhu sannan haske ya shigo a hankali.

Na biyu, a tarar da aikin ya riga ya fara. Kada a ga hannu yana tahowa daga nesa, yana neman zif, yana buɗewa. Wannan kaɗai zai cinye daƙiƙa biyu. A buɗe bidiyo a ga hijabin ya shiga rabi. Lokacin ɗauka za ki yi komai daga farko, amma wajen yankewa ki datse duk abin da ya zo kafin nan.

Na uku, rubutun farko ya fito tare da hoton farko, kuma ya faɗi abin da za a iya gwadawa. "Sabbin kaya sun iso" bai gaya wa kowa komai ba. "Jaka mai kyau da inganci" kowa haka yake cewa, har wanda tasa take ɓarewa a sati biyu. "Tana cin hijabi da fawa-bank" magana ce da ido yake tabbatarwa a take, tunda ga hijabin nan yana shiga. Da kula ce, sai a buɗe murfi tururi ya tashi, rubutu ya faɗi ƙarfe nawa aka zuba abincin da ƙarfe nawa aka buɗe, da sharaɗin kin gwada da kanki. Da takalmi ne, a lanƙwasa shi a ga tafin bai tsage ba.

Sai maganar sallama, wadda ake yawan yi mini gardama a kanta. Ba mu saba fara magana ba tare da sallama da gaisuwa ba, kuma ban ce ki daina ba. Abin da na ce, kada ido ya jira baki. Ki yi sallamarki da murya yayin da jaka take kan fuskar waya rubutu yana aikinsa, ko ki sa ta a layin farko na bayanin ƙasa. Wanda ya buɗe sauti ya ji gaisuwa, wanda bai buɗe ba ya ga kaya. Abin da ke kashe bidiyo shi ne daƙiƙa shida na fuskar mai kaya tana motsa baki, mai kallo bai ji komai ba, bai kuma ga abin sayarwa ba.

Hattara: kada ki buɗe da abin da babu shi a cikin kuɗin. Idan kin rataya wa jakar ɗan ado na maɓalli don ta yi kyau, ko dai ki cire shi, ko ki rubuta cewa ba ya ciki.

4. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Wayar da ke hannunki ta isa, Tecno ce ko Infinix ko Redmi, muddin tana ɗaukar 1080p. Bayan ita kina buƙatar farin kwali guda biyu irin na 'yan makaranta, tef ɗin awo, tsumma mai laushi, da abin da zai riƙe waya kada ta girgiza. Kwali ɗaya ki jingina shi da bango ya sauko ya kwanta a kan tebur, jaka ta zauna a kai. Ɗayan ki tsayar da shi a ɓangaren da inuwa ta faɗa don ya mayar da haske.

Idan za ki kashe kuɗi a kan abu ɗaya, ki sayi sandar ɗora waya mai ƙafa uku. Masu kayan waya a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da shagunan titin Ahmadu Bello suna da ita. Ki ɗora wayarki a kai a gaban mai shagon ki karkatar da ita ta kalli ƙasa, domin masu arhar a wuyan suke saki, kuma ɗaukar cikin jaka daga sama sai da wannan karkatarwar. Kafin ki samu, littattafai da kofi suna riƙe waya. Fitilar nan mai zagaye da masu kwalliya suke amfani da ita ba ta cikin abin gaggawa. A kan jaka mai sheƙi ma ɓarna take yi, don zoben hasken yana fitowa ɓaro-ɓaro a jikin kayan.

Manhajar yankewa, CapCut ko InShot, ana iya gama wannan aikin da na kyauta. A CapCut ki guji duk salon rubutu ko ado da aka yi wa alamar Pro, in ba haka ba sai kin gama aiki za a nemi ki biya kafin ki fitar da shi. Ki kuma goge guntun tambarin da yake maƙalawa a ƙarshe.

5. Haske da kala

Rigimar "ba wannan kalar na gani ba" daga nan take tasowa. Ki yi ɗauka da hasken rana amma a inuwa: baranda, ko bakin taga, ko ƙofar ɗaki, tsakanin ƙarfe 8 da 10 na safe. Hasken ya zo daga gefe ko daga bayanki, kada taga ta kasance a bayan jakar. Bayan la'asar rana tana yin ja, ruwan toka sai ta koma kamar ruwan ƙasa. Ki kashe ƙwan ɗaki, don haɗa hasken ƙwai da na taga yana rikita kyamara ta rasa wanne ne fari.

Ki lura da abin da ke kewaye da ke. Bango mai koren fenti yana zuba kore a kan kaya, haka rumfar shuɗiyar leda irin ta kasuwa. Masu shago a Kasuwar Barci da ke ɗaukar yadi a ƙarƙashin irin wannan rumfa, su fito da shi bakin layi inda inuwar gini ce.

Idan dole sai da dare, za ki iya ganin wasu layuka masu duhu suna tafiya a kan bidiyon. Wutar lantarkinmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, waya kuma yawanci tana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, to ƙwan da ba shi da inganci sai ya riƙa ƙyaftawa a idon kyamara. Idan wayarki tana da zaɓin 25fps ki koma kansa. Idan babu, ki canja ƙwan, ko ki haƙura sai safiya.

Lokacin hunturu hazo yana tausasa haske, abin da ɗauka take so ke nan, sai dai ƙura. Baƙar jaka tana yin furfura cikin minti kaɗan, kuma kyamara tana ganin abin da idonki bai gani ba. Ki goge jakar da gilashin kyamara kafin kowace ɗauka. Bidiyon da ya fito dishi-dishi kamar an shafa masa man kaɗanya, yawanci maiƙon yatsa ne a kan gilashi.

Hattara: kada ki sa wa bidiyon kaya tacen kala ko ɗaya, kuma ki kashe Beauty idan a kunne yake. Bayan ɗaukar gwaji, ki riƙe jakar kusa da fuskar waya ki kwatanta. Idan sun bambanta, wurin za ki canja.

6. Ɗauka

Waya a tsaye, 9:16, wato 1080 a faɗi da 1920 a tsayi, da kyamarar baya. Ta gaba ba ta kai ta kyau ba, kuma a wayoyi da yawa tana juya rubutu. Ki danna yatsa a kan jakar ki riƙe har alamar kulle ta fito, a wasu wayoyin za a rubuta AE/AF Lock. Idan ba ki kulle ba, duk shigowar hannunki sai haske ya yi sama ya yi ƙasa, kalar jakar ta riƙa canjawa a gaban mai saye.

Ki bar kyamara a 1x. Jawo hoto da yatsu biyu yana ɓata shi, idan kina son kusa ki matsar da wayar. Kada kuma ki yi amfani da 0.5x, domin yana kumbura duk abin da ke kusa da shi, ƙaramar jaka ta koma kamar ta tafiya. Saboda wannan ne ɗauka ta biyu, ta kafaɗa, ba a tsallake ta. Inci 11 ba kowa ne zai iya auna shi a ransa ba, amma kowa ya san girman mutum. Ba sai fuska ta fito ba. Wadda za ta rataya ta sa kaya marasa zane, ta tsaya kamar taku uku daga waya, jakar tana jikinta, kada ta miƙo ta gaba.

Kowace ɗauka a cikin shidan nan ki yi ta daban, ki bar kyamara tana aiki kamar daƙiƙa takwas ko da uku kike so, don ki sami wurin yanka. Ta farkon ki maimaita ta har sai hannun ya tafi sumul. Abu ɗaya ne zai motsa a lokaci guda, ko hannu ko waya. Kuma tun yanzu ki bar wa rubutu wuri: jakar ta zauna a tsakiya, a sami fili a samanta.

7. Rubutun kan bidiyo

Ki jera guntayen a manhaja bisa takardarki, ki datse, sannan ki kashe sautin wayarki kafin ki fara rubutu. Da kunnen da ba ya ji za ki yi wannan aikin.

Da hannu za ki rubuta, ta Text. Kada ki dogara da Auto captions a kan maganar Hausa, gyaran abin da zai fitar ya fi rubutawa wahala. Ban da haka ma, rubutun kan kaya ba kwafin maganar baki ba ne. Da baki za ki ce, "Hajiya wannan jakar kin ga cikinta, aljihu har uku gare ta, ɗayan ma da zif don kuɗi." A rubuce kalma biyar ta ɗauke shi: "Aljihu uku, ɗaya mai zif".

Ma'aunin da nake bi shi ne kalma biyu a kowace daƙiƙa, kuma kada rubutu ɗaya ya wuce kalma shida ko layi biyu, ban da na ƙarshe. Kalma biyar za ta so daƙiƙa biyu da rabi, shi ya sa muka ba ta uku. Na ƙarshen kalma takwas ne, ya sami huɗu. Ke da kika rubuta za ki ga kamar ya daɗe, saboda kin san abin da ke ciki. Mai kallo sai ya kalli jaka tukuna, sannan ya koma kan rubutu, kuma da yawa daga masu sayenki a hankali suke karanta boko. Rubutun ya shigo tare da ɗaukarsa ya fita tare da ita. Idan "aljihu uku" ya tsallaka kan hoton kaloli, an rikita mutum.

Wurin ajiye shi ma yana da doka. Kowace manhaja tana ɗora nata abubuwan a kan bidiyonki: sunanki da layin lokaci a sama, bayani da wurin amsawa a ƙasa, alamomin so da turawa a dama. Shawarar da Meta, kamfanin Facebook da Instagram, take ba masu talla a Reels ita ce a bar kusan kashi 14 cikin ɗari a sama, kashi 35 a ƙasa, da kashi 6 a kowane gefe babu rubutu. A sauƙaƙe, ki raba tsayin fuskar waya gida uku, na ƙasan ki bar shi fayau, a sama kuma ki sauko kamar faɗin yatsu biyu. Idan kika bi wannan, bidiyo ɗaya zai yi miki aiki a Status da Instagram da Facebook da TikTok ba tare da an rufe farashi ba. Lambar J14 da kuɗin su zauna a hagu, ƙasa da wancan layin na sama.

Haruffan su zama masu kauri, marasa ƙawa, farare a kan baƙin akwati, ko baƙaƙe a kan fari. Rubutu mai lanƙwasa irin na katin biki, ruwan gwal a kan farin kwali, yana da kyau a wayarki, amma WhatsApp yana matse bidiyo kafin ya kai wa mutane, kuma siraran layuka su suke fara narkewa. Ki bar rubutun ya tsaya cak, ban da tsalle ko fitowa harafi bayan harafi.

Hattara da ƙ da ɗ da ɓ da alamar ₦. Salon rubutu da yawa a waɗannan manhajoji ba su da su, sai ki ga akwati a wurin harafin, ko harafin ya fito siriri daban da 'yan uwansa. Kafin ki zaɓi salo ki rubuta "Baƙa, faɗi, ɓawo, ₦" ki duba. Idan allon rubutun wayarki ba ya ba ki su, ki ƙara Hausa a cikin harsunan Gboard. Idan ₦ ta ƙi fitowa, N ta wadatar. Farashin kuma ki rubuta shi cikakke, 18,500, don wanda ya ga 18.5 zai iya karanta abin da ya ga dama.

Lambar waya a kan bidiyo ba a iya kwafarta, sai mutum ya haddace. A Status ki sa ta a bayanin ƙasa a matsayin mahaɗin da ake dannawa: a rubuta `wa.me/234` a bi shi da lambarki ba tare da sifirin farko ba, babu tazara.

Murya ko kiɗa, sai bayan an gama duk wannan. Idan za ki yi magana ki ɗauke ta daban a ɗaki, nesa da janareta, ki ɗora. Waƙar wani kuwa, Instagram da Facebook suna iya toshe sautinta saboda haƙƙin mallaka, wani dalilin ke nan na kada komai ya rataya a kan sauti.

8. Fitarwa da gwaji

Wajen Export ki zaɓi 1080p, da adadin hoton da kika ɗauka da shi, 30 ko 25. 4K asarar data ce, tunda za a matse shi. A ma'aunin 8 Mbps kowace daƙiƙa tana cin kusan megabait ɗaya, don haka bidiyonmu zai tsaya wajen megabait 19. Ki ajiye kwafi biyu, mai rubutu da marar rubutu, kuma kada ki goge aikin a cikin manhajar. Ranar da sari ya tashi jaka ta koma ₦20,000, lamba kawai za ki canja ki sake fitarwa. Idan wata ce take yanka miki, ku riƙa tura wa juna ta Document, don turawar yau da kullum tana rage kyan bidiyo a kowane zagaye.

Kafin duniya ta gani, ki saka shi a Status ki zaɓi Only share with, ki sa mutum ɗaya a gidan wanda bai san kayan ba, zai fi kyau mai tsohuwar waya. Ya kalla sau ɗaya tak, sauti a kashe, a tsakar gida inda rana take dukan fuskar waya. Sannan ki karɓe wayar ki tambaye shi: me ake sayarwa, nawa ne, ya girmanta, ya za a yi a saya? Duk wadda ya kasa amsawa, ki koma kan ɗaukarta. Idan ya ce "Anti, rubutun ya yi sauri", ki rage kalma kafin ki ƙara lokaci. Ki kuma mayar da zaɓin Status ɗin yadda yake bayan gwajin, kada ki wayi gari kina tallata wa mutum ɗaya.

A Instagram da TikTok ki zaɓi fuskar bidiyon da kanki, ki ɗauki inda jaka da farashi suka fito tare a tsakiya, don jerin shafi yana yanke sama da ƙasa.

9. Karanta abin da ya biyo baya

Bayan kwana biyu ki duba abu biyu. Na farko lissafin manhaja, wato Insights a Instagram, ko Analytics a TikTok, inda ake nuna matsakaicin lokacin da aka kalla. Idan bidiyon daƙiƙa 19 ne amma matsakaicin yana wajen biyu ko uku, buɗewar ce ba ta kama ba. Kada ki sake ɗaukar komai. Ki ɗauko ɗaukar kafaɗa ki mayar da ita farko, ki canja rubutun farko, ki sake sakawa a irin lokacin da kika saka na baya, sauran ki bar su yadda suke don ki san abin da ya kawo bambanci. Idan kuwa ana kaiwa tsakiya sannan a watse, akwai ɗaukar da ta yi tsawo ko rubutun da ya yi yawa a wurin.

Status ba ya nuna miki inda aka tsaya, adadi da sunayen waɗanda suka buɗe kawai yake bayarwa, don haka a can saƙonni ne ma'auninki. "Nawa?" ba za ta ƙare ba ko kin rubuta farashi da girman allo, wasu hanyar buɗe ciniki ce a wurinsu, kada ta dame ki. Wadda za ki kula da ita ita ce tambayar da bidiyon ya kamata ya amsa. Idan mutum uku suka tambayi ko igiyar jakar tana ƙara tsawo, to ɗauka ta bakwai ta samu: daƙiƙa uku, hannu yana jan igiyar, rubutu ya faɗi iyakar tsawonta da inci. Ki sa ta bayan ta kafaɗa, ki rage ta kaloli zuwa daƙiƙa biyu da rabi, bidiyon ya tsaya a ƙasa da 22.